Yadda za ka koya wa kwamfuta rarrabe shara daga hoto

Da farko ka ɗauki hotuna da wayarka, roba, takarda, kwalba da ƙarfe, kowanne kamar 300. Amma don Allah kar ka ɗauki duk gwangwani a kan tabarma ɗaya, in ka yi haka tabarmar kwamfutar za ta haddace ba gwangwanin ba, canza wuri, canza haske, haɗa da murɗaɗɗu da masu datti.

Sai ka zuba su a folda huɗu, ka ware kashi 20 cikin 100 na gwaji tun kafin ka fara, kuma hotunan abu ɗaya, misali gwangwani guda da ka ɗauka sau da yawa, kar su rabu, duk su tafi ɓangare guda, ko na horarwa ko na gwaji.

Kar ka fara daga sifili, ɗauko MobileNetV2, wani shirin gane hoto wanda ya riga ya koyi ImageNet, wato wani babban tarin hotuna, mai da hotunan 224x224, ka horar da layin ƙarshe kawai, zagaye 10 ya isa a fara.

Wajen gwaji ne mutane ke ruɗin kansu wallahi. A ce hotuna 240 ya ci 204, kashi 85 kenan, amma duba kowane aji daban, in cikin kwalabe 60 ya kira 20 roba to nan matsalar take, gorar ruwa da kwalba duk garai-garai suke. Ƙaro hotunan waɗannan biyun ka sake horarwa.