Darasi na Tara: Amfani da "An" a Wasiƙar Imel

Idan mutum ya rubuta "an yi" ko "za a yi", ya faɗi aikin amma bai faɗi mai aikin ba. Haka kuma "takardar ta ɓace", wadda ke nuna kamar takardar ce ta tashi da ƙafarta.

A ce sakataren wata ƙungiyar manoman albasa ta Goronyo ya manta bai kai takardar neman taki buhu 40 ofishin gona da ke cikin garin Sakkwato ba, har wa'adi ya wuce. Sai ya aika wa shugaban ƙungiya imel: "Ranka shi daɗe, an samu jinkiri, ba a kai takarda ba, amma za a duba lamarin." Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan saƙo, sai dai shugaba bai san wanda zai tambaya ba, yana ma iya zargin ma'aji ko ɗan aike, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mafi muni shi ne "za a duba", domin alkawari ne da ba shi da mai shi, kuma a imel babu fuska ko murya da za ta nuna wanda ake nufi. Abin da ya dace shi ne: "Ban kai takardar ba, laifina ne. Zan je ofishin ranar Litinin in roƙi ƙarin wa'adi, in sanar da kai abin da suka ce."

To, a juya lamarin. A ce shugaban ne, dattijo mai furfura, ya rubuta 14 a maimakon 40, kuma saƙon sakatare zai je wa mutum goma da aka sa a layin Cc, wato layin waɗanda ake tura wa kwafin saƙon. Rubuta "ka yi kuskure" a gaban jama'a cin fuska ne. Ya isa a ce: "An rubuta 14 a layi na uku, ina ganin 40 ake nufi, na gyara, ga sabuwar takardar." Shugaba ya gane, aiki ya gyaru, mutuncinsa bai taɓu ba. Dama da wannan "an" muke girmama manya idan muka ce "an tashi lafiya?"

Kafin ka aika, ka tambayi kanka ko mai karatu yana buƙatar sunan domin ya ɗauki mataki. Idan kuɗin ƙungiya ne suka salwanta, ko kuskuren ya maimaitu, dole a ambaci suna, amma a saƙon da ba a sa kowa a Cc ba.

Aikin gida: sake rubuta "an kashe naira 20,000, za a kawo rasit" a matsayin kai ne ma'aji, ka sa ranar da za ka kawo shi.