Bi sawun ilaktaron, kada ka tsaya ga iskar oksijin

Masu shirin jarrabawar maikurobayoloji, ku daina raba numfashin ƙwayoyin halitta da famanteshan ta hanyar tambayar ko akwai oksijin. Ku tambayi wa ya karɓi ilaktaron daga ƙarshe.

Ɗauki E. coli. Idan akwai oksijin, ita ke karɓa a ƙarshen sarƙar ilaktaron, ta zama ruwa. Idan ta ƙare amma akwai naitiret, sarƙar na nan tana aiki, sai dai NO₃⁻ ke karɓa ya koma NO₂⁻. Wannan har yanzu numfashi ne, ribarsa ta ATP ce ta ragu, domin naitiret bai kai oksijin ƙarfin jan ilaktaron ba.

A nan ɗalibai ke faɗuwa, su kira shi famanteshan. A famanteshan babu mai karɓa daga waje, babu sarƙar. Bakteriyar da ke mayar da madara kindirmo tana juye ilaktaron ɗin NADH a kan fairubet ɗin da ita kanta ta samar, ya zama laktik asid, tsamin nan da muke ji. Manufar kawai a dawo da NAD⁺ don fasa gulukos ya ci gaba, shi ya sa ribar ATP 2 ce kacal a kan kowane gulukos.