Yadda Ake Karanta Takardar Bayanin Asusun Banki, a Gano Cajin da Ba Shi da Dalili

Alat ɗin da ke shigowa waya ba ya nuna maka duk abin da ke fita daga asusunka. Ƙananan kuɗin da banki ke yanka, ₦10.75 yau, ₦50 jibi, sau da yawa shiru suke fita, sai dai ka ga ragowar kuɗinka ta gaza abin da ka lissafa. Wurin da suke bayyana duka shi ne takardar bayanin asusu ta wata-wata.

Fara da samo takardar wata guda cif, daga 1 ga wata zuwa ƙarshensa. Wadda ake turowa ta imel ko a sauke daga manhajar banki kyauta ce, amma in ka ce a buga maka a reshe, yawanci za a caje ka kan kowane shafi. A samanta za ka ga `Opening Balance`, wato abin da ka shiga watan da shi, da `Closing Balance`, abin da ka fita da shi. `Debit` kuɗin da ya fita ne, `Credit` wanda ya shigo, `Narration` kuma bayanin dalili. Ka tabbatar kuɗin buɗewar wannan wata ya yi daidai da na rufewar watan jiya. Mutane kan tara abin da ya shigo, su debe abin da ya fita, in lissafi ya yi daidai sai hankalinsu ya kwanta. Wannan bai isa ba. Kwamfutar banki ba ta kuskuren tarawa, ko da cajin ba bisa ƙa'ida aka yi shi ba lissafin zai daidaita.

Aikin na gaskiya shi ne haɗa kowane caji da hada-hadar da ta jawo shi. Caji kamar ɗan akuya yake, ba ya yawo ba uwa a kusa. Ka ɗauki biro, ka fara yi wa manyan layukan da ka gane alama: kuɗin da ka tura, wanda aka turo maka, wanda ka cira. Sannan ka bi ƙananan ɗaya bayan ɗaya, kana neman wanda ya haifi kowanne.

Mu ɗauki misalin mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, mai asusun ajiya, a watan Yulin 2025. Ga wani yanki na takardarsa:

```
03-Jul NIP TRF TO ...     30,000.00 DR
03-Jul NIP CHARGE + VAT       26.88 DR
09-Jul ATM WDL            20,000.00 DR
09-Jul ATM FEE + VAT         107.50 DR
14-Jul EMTL                  150.00 DR
18-Jul POS PURCHASE       12,500.00 DR
18-Jul POS PURCHASE       12,500.00 DR
31-Jul SMS ALERT CHARGE      132.00 DR
31-Jul ACCT MAINT FEE         62.50 DR
```

Kowane banki da irin taƙaita kalmominsa, amma ma'anar ɗaya ce.

₦26.88 na ranar 3 ba shi da matsala. Jadawalin cajin da Babban Bankin Najeriya ya fitar, wanda ya fara aiki a Janairun 2020, ya sa ₦10 kan turawar da ba ta wuce ₦5,000 ba, ₦25 daga nan zuwa ₦50,000, sai ₦50 in ta haura haka. A kan wannan ake ɗora harajin `VAT` na kashi 7.5 cikin ɗari, shi ya sa a takardun 2025 ake yawan ganin ₦10.75 da ₦26.88 da ₦53.75. Harajin kan cajin yake hawa, ba kan kuɗin da ka tura ba. Wasu bankunan kan raba su layi biyu, ₦25 daban, ₦1.88 daban, kada ka ɗauka sau biyu aka cire. Cajin ranar 9 ma yana da asali in a na'urar wani bankin ya cira, domin tun 1 ga Maris 2025 ana karɓar ₦100 kan kowace ₦20,000, an kuma soke cira uku na kyauta da aka saba. Amma in a na'urar bankinsa ya cira, bai kamata wannan layin ya fito ba.

Layin ranar 14 shi ne ya fi rikita mutane, don a ranar bai yi wata hada-hada ba. Harajin gwamnati ne na ₦50 kan kowane kuɗin da aka tura ta banki da ya kai ₦10,000 zuwa sama, kuma banki kan tara na 'yan kwanaki ya cire a dunƙule. Saboda haka ₦150 na nufin shigowar kuɗi sau uku. Ka koma baya ka ƙirga: in uku ka samu, shi ke nan. In biyu ne, ko ɗaya daga ciki ₦8,000 ne, to akwai ₦50 da ke bukatar bayani. A 2025 wanda aka turo wa ne ke biya, daga Janairun 2026 kuma ya koma kan mai turawa, da sunan `Stamp Duty`. Don haka ka lura da shekarar takardar da ke hannunka kafin ka san ɓangaren da za ka ƙirga.

Kuɗin alat lissafinsa mai sauƙi ne. A ₦6 kowane saƙo, farashin da bankuna suka koma a 2025 daga ₦4, ₦132 saƙo 22 ke nan. Buɗe wayarka ka ƙirga.

Yanzu ga inda kuɗi mai kauri yake. ₦12,500 ya fita sau biyu rana ɗaya a wuri ɗaya. Abin da ya saba faruwa ne: an sa kati, na'urar ta ce bai yi ba, mai shago ya ce “Alhaji, a sake gwadawa”, alhali na farkon ya riga ya fita. Kafin ka ta da hankali, duba layukan da ke ƙasa ko akwai ₦12,500 a ɓangaren shigowa mai ɗauke da `REV` ko `RVSL`, alamar an mayar. Ka duba har farkon takardar wata mai zuwa in abin ya faru a ƙarshen wata. A misalinmu kwana goma sha uku sun wuce babu komai, ƙa'idar da Babban Banki ya sa a 2020 kuwa awa 72 ce ga irin wannan cirar. A ganina, wanda bai da lokacin bin takarda duka, to ya nemi irin waɗannan tagwayen layukan kawai, don guda ɗaya ya fi cajin alat na shekara.

Layin ƙarshe kuma ba shi da uwa sam. Kuɗin kula da asusu, ₦1 kan kowace ₦1,000 da ta fita a jadawalin 2020, na asusun yau-da-kullum ne irin na 'yan kasuwa masu cak, ba a ɗora shi kan asusun ajiya. Kada ka rikita shi da kuɗin kula da kati, ₦50 duk wata uku a jadawalin 2020, wanda shi asusun ajiya ne ke biya. Shi ma in ka gan shi wata biyu a jere, ka ja masa layi.

Wani abin da za ka sa wa ido shi ne adadi ɗaya da ke fita a rana ɗaya kowane wata, da sunan wani kamfani a `Narration`. Galibi rajista ce da ka taɓa yi da katinka a intanet ka manta, ko wani ɗan gida ya yi. Wannan ba banki ne ya caje ka ba, can wurin kamfanin za ka soke. In kuwa ba ka san sunan ba kwata-kwata, toshe katin nan take, tun kafin ka fara bincike.

Da ka gama, rubuta layukan da suka rage ba bayani: kwanan wata, adadi, da lambar `Reference` ta kowanne. Kai ƙorafin a rubuce, ta imel ko a teburin kula da abokan hulɗa, kuma kada ka tashi sai an ba ka lambar bibiyar ƙorafi. Kada ka ce “ana ta cire mini kuɗi”, ba wanda zai iya aiki da wannan. Ka ce ranar 18 ga Yuli an cire ₦12,500 sau biyu, ga lambobin, ga rasit ɗin da ya nuna na farkon bai yi ba. In mako biyu ya wuce banki bai warware ba, ko kwana 30 in ƙorafin cajin da ya wuce ƙa'ida ne, ka tura wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya a `cpd@cbn.gov.ng`, haɗe da lambar ƙorafin da shafin takardar da ka yi wa alama.