Yadda ake rubuta suna da lambar waya a akwatin babur ɗin kai saƙo a Legas

Wanda zai karanta rubutun akwatinka yana zaune ne a mota a bayanka, a gosulon hanyar Ikorodu ko a mahaɗar Agege, kuma daƙiƙa uku ko huɗu kawai zai samu kafin ɗan acaɓanka ya ratsa ya wuce. A cikin wannan ɗan lokaci so kake ya riƙe sunan, ya gane abin da kake sayarwa, ya ɗauki hoton lambar. Bari mu bi aikin da misalin mai kilishi a Agege wanda ke da babur guda da akwati mai faɗin santimita 45, tsayi 45.

Fara da tef na awo, kafin ka je wurin mai zane. Auna bayan akwatin da gefunansa biyu, amma wurin da yake shimfiɗe kawai: ban da makulli, ban da ƙusoshi, ban da lanƙwasar kusurwa. Bar santimita 3 a kowane gefe, domin sitikar da ta kai baki ita ce ke fara ɗagowa. Abin da ya rage wa mai kilishinmu shi ne 39 a kan 39.

Sannan ka rage magana. Layi uku sun isa: suna, sana'a cikin kalma biyu ko uku, lambar waya ɗaya. Adireshin shago da lamba ta biyu da jerin kayan da kake sayarwa, bar su a katin da ake saka wa mai saye a leda. Layin sana'a kuwa a rubuta shi da harshen da masu sayenka ke karantawa. Idan yawancinsu a Ikeja da Lekki suke, Turanci ne. Kilishi dai sunansa kilishi a bakin kowa.

Lambar ita ce ke cin wuri, a kanta za a yi lissafi. Masu rubuta allo suna da ƙa'ida: kowace santimita 2.5 ta tsayin harafi tana ba da kusan mita 3 na karatu ba tare da ƙyafta ido ba. Lambar Najeriya alƙaluma 11 ce, kuma ana raba ta huɗu, uku, huɗu. Idan ka jera ta a layi ɗaya cikin santimita 39 da rubutu mai kauri irin Arial Bold, tsayin kowane alƙalami ba zai wuce santimita 4 da ɗan wani abu ba, wato mita 5 ke nan, direban da ke manne da kai kaɗai zai amfana. Idan ka karya ta gida biyu, huɗun farko a sama, bakwai a ƙasa, tsayin zai kai 6.5, a karanta daga wajen mita 8. Ni na fi son wannan, ko da mai zane zai ce bai yi kyau ba.

Ga yadda tsayin zai kasu: suna santimita 7, tazara 3, layin sana'a 3, tazara 3, lamba mai layi biyu 15. Jimla 31. Santimita 8 da suka rage na zirin sitika ne mai ƙyalli idan fitilar mota ta haska ta da dare. Ka lura babu wurin hoto a baya. Hoton ya koma gefuna, inda mai tafiya a ƙasa ke gani: siffa ɗaya mai launi ɗaya, kamar kan bijimi da ƙahonsa, wadda za a gane ko da an ƙanƙanta ta. Hoton da aka ɗauka da waya, na kilishi a faranti, daga nesa jan dabbare ne kawai.

Launi biyu, ɗaya mai duhu ɗaya mai haske. Fari a kan shuɗi mai duhu, ko baƙi a kan fari. Ja a kan baƙi ba ya karantuwa da magariba, kuma jan tawada na cikin masu saurin kodewa a rana. Baƙi a kan ruwan ɗorawa yana fita sosai a akwati, amma a jikin mota ka yi hattara, kada a riƙa tsayar da kai ana zaton danfo ne, motar hayar Legas mai wannan launi.

Yanzu sai Shomolu ko Mushin, wurin masu buga takardu. Ka ce sitikar da inji ke yankawa harafi-harafi kake so, domin launinta a jikin robar yake, ba tawada ba ce. Idan dole sai an buga, a yi mata laminashin, in ba haka ba rana da damina za su cinye ta. Idan sunanka yana da ƙ ko ɗ ko ɓ, tsaya a kan kwamfutar ka gani da idonka. Rubutu da yawa ba su da waɗannan haruffa, sai su fito da ɗan murabba'i a madadin harafin ko su canza salo a tsakiyar kalma, kuma mai zanen da ba ya jin Hausa ba zai lura ba. Ka ce masa ya yi Convert to Curves a manhajar zane ta CorelDRAW, wato ya mayar da haruffan zane don kada su canza, kafin ya tura wa inji. Kafin a yanka, a buga maka samfuri a farar takarda daidai girmansa, ka manna a akwatin, ka ja baya taku goma, ka sa wani ya karanto lambar ya kira ta. Alƙalami ɗaya da aka juya ya ɓata dukan aikin.

Wurin mannawa ne aka fi yin asara. Wanke akwatin da sabulu, ya bushe, sannan ka goge da sifirit. Ban da fetur ko kananzir, suna barin maiƙo. Akwatin fayiba ko na ƙarfe mai fenti mai santsi yana riƙe sitika da kyau. Baƙar roba mai kaushi ba ta riƙewa. Gwada da ɗan guntu, idan washegari farce ya ɗaga shi ba wuya, a ɗaura farantin alminiyom da ƙusa a manna a kansa. Yi aikin a inuwa, domin a kan jiki mai zafi gam yana kamawa tun ba ka daidaita ba. Ɗora sitikar da takardar bayanta, ka daidaita ta, ka kafe ta da tef a tsakiya. Ɗaga rabi, yanke takardar bayan, ka shafe daga tsakiya zuwa waje da tsohon katin banki da aka naɗe a ƙyalle, sannan ɗaya rabin. Takardar saman da ke riƙe da haruffan kuma a ja ta a hankali, a kwance. Kumfar iska a huda ta da allura a danne. Kada a wanke sai bayan kwana biyu, kuma mai wanki ya daina saita bakin ruwa mai ƙarfi a gefen haruffa.

A mota lissafin ɗaya ne, sai dai wuri ya fi yawa, lamba za ta iya kai santimita 12 ko fiye. Abin lura shi ne ƙofa: mai zamewa tana rufe rabin rubutu idan an buɗe, masu buɗewa biyu na baya kuma suna raba lamba a tsakiya. Sa lambar gaba ɗaya a ƙofa guda.

Saura hukuma. A Legas, rubutun kasuwanci a jikin abin hawa talla ne, kuma LASAA, hukumar alluna da tallace-tallace ta jihar da aka kafa da dokar 2006, ita ke ba da izininsa, ana sabuntawa duk shekara. Ka tambayi kuɗin babur ko na mota a ofishinsu kafin ka biya mai sitika, ka kuma bar kwafin takardar a hannun direba tare da sauran takardun babur.