Kurakuran da ake yi kafin a tambayi mutum inda ya dosa

Na gaji da jin magana ɗaya daga bakin ƙannena mata: "Yaya, wata 7 ke nan muna tare, amma har yau ban san matsayina a wurinsa ba." In na ce to kin tambaye shi, sai a ce ana jiran lokacin da ya dace. Kurakuran nan ba sa canjawa, kuma babba daga cikinsu ni ma na yi shi.

Babban kuwa shi ne auna mutum da kalamansa, a bar aikinsa. Wata 11 na yi ina bin saƙonnin wani ina fassara su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya rubuto "ina tunaninki" sai in kwana da farin ciki, in ya yi kwana 5 shiru in nema masa uzuri da kaina. Alhali amsar tana gabana. A wata 11 ɗin nan bai taɓa sa rana ya ce zai zo ya cika ba tare da na tuna masa ba. Babu ko mutum ɗaya a cikin makusantansa da ya san da ni. Duk sanda zance ya karkata ga abin da ke gaba, sai ya ce "a bar wa lokaci" ya kawo wani labari. A tsakanin nan wani mai niyyar gaske ya zo na sallame shi, saboda ina tsaron wurin da ba a ba ni ba. Har yau abin yana min ciwo.

Abin da nake sa ƙannena su yi yanzu dabarata ce, ba dokar kowa ba. Ki ɗauki mako 4, ki daina fara kira ko tura saƙo, amma in ya neme ki ki amsa yadda kika saba, ban da fushi. Ki rubuta a takarda: sau nawa ya neme ki da kansa, alkawari nawa ya ɗauka kuma nawa ya cika, sannan ko ya ambaci wani shiri da kike cikinsa wanda yake da rana ko wata. Rubutun yana da dalili, domin zuciya tana riƙe rana ɗaya mai daɗi ta manta da goma na shiru. In takardar ta cika da cika alkawari, ki tambaya da ƙwarin gwiwa, wataƙila nauyin baki ne kawai ke damunsa. In ta fito fayau, ki tambaya duk da haka, amma kin riga kin san inda amsar ta karkata. Sai dai in mako 4 ɗin sun faɗo lokacin rashin lafiya ko rasuwa a gidansu, wannan lissafi bai ƙirgu ba, ki sake shi daga baya.

Kuskure na biyu shi ya fi ba ni haushi: a daure a yi tambayar, amma a lulluɓe ta da wasa. "Wai ni mece ce a wurinka?" ana dariya. Haba ƙanwata! Kin buɗe masa ƙofar zillewa da hannunki, zai ce "ke ta musamman ce" ki koma gida da abin da kika zo da shi. Ki zauna da shi ido da ido, hankali kwance, ki fara da abin da kika gani: "Wata 7 muna tare. Ni aure nake nufi. Kai ma shi kake nufi da ni, kuma yaushe?" Daga nan ki ja bakinki ki yi shiru. Kada ki cike masa shirun, kada ki ce "ba wai ina matsa maka ba ne". Da wannan jimlar na rushe tambayata ta farko, na ƙara wa kaina wata 3.

Kuma ki san yadda ake jin amsa. Wanda ya ce yana buƙatar mako 2 ya yi tunani, ya kuma dawo ranar da ya faɗa, ya ba ki amsa ta mutunci ko da a'a ce. Wanda ya ce "mu ga yadda za ta kasance" babu rana babu wata, a'a ya ce, bai dai son ya furta ba ne.

Sauran ƙanana ne. Kada ki tambaya ta saƙo da tsakar dare, zai samu sa'o'i yana gyara amsa kuma ba ki ga fuskarsa ba. Kada ki aiki ƙawa ta bugi cikinsa, abin da zai gaya mata daban ne. Kada ki tayar da zancen a tsakiyar faɗa, ko ki ƙirƙiro wani manemi don ya yi kishi. Kuma kada ki sa wa'adin da ba za ki iya tsayawa a kansa ba: in kin ce ƙarshen wata, ranar 1 ga sabon wata ki daina ɗaga wayarsa a matsayin mai jira.