Idan bidiyon waya ya koɗe a cikin aikinka: kurakuran da aka fi yi

Ka ɗauki biki da kyamara, sai ƙawayen amarya suka turo maka na wayarsu ka haɗa. A wayar tas yake. Kana jefa shi cikin aikin, jan leshin amarya ya koma kamar wanda ya sha wanki, fuskoki suka yi fari fat.

Kuskuren farko shi ne hannu ya tafi kan Saturation da Contrast. Bidiyon lafiyarsa ƙalau, karatunsa ne aka yi ba daidai ba. Tun daga iPhone 12 na 2020, wayar tana ɗauka da HDR sai in an kashe, wato launi a ma'aunin Rec.2020, haske a tsarin HLG. Aikinka kuwa Rec.709 ne. Rec.2020 ya fi faɗi, don haka lambar da ke nufin ja jawur a can, ja mai sanyi take bayarwa a nan. In ka ƙara launi da ƙarfi leshin zai dawo, amma fatar mutane ta koma kalar manja.

Gyaran shi ne a juya ma'aunin kafin a taɓa komai. A DaVinci Resolve, sa Color Space Transform a farkon gyaran launi. Input Color Space ya zama Rec.2020, Input Gamma ya zama Rec.2100 HLG, fitarwa kuma Rec.709 da Gamma 2.4. A Premiere Pro, kunna tone mapping a Sequence Settings.

Kada ka yi cinta a kan HLG ɗin. Wayar Samsung da aka kunna wa HDR10+ da wani tsarin haske, PQ, take ɗauka, wanda Resolve ke kira Rec.2100 ST2084. Buɗe fayil ɗin a manhajar MediaInfo, layin Transfer characteristics zai faɗa maka.

Akwai kuma wanda ya juya daidai amma ya bar Tone Mapping, mai rage hasken HDR ya dace da aikinka, a kashe. An tsara HLG ne da allo mai haske har nit 1000, SDR kuwa, wato bidiyon da ba HDR ba irin aikinka, a 100 ya tsaya, duk abin da ya haura sai ya ƙone. Ni farar shaddar ango nake dubawa. Muddin ina ganin zaren aikin wuya, hasken ya zauna. In wuyan ya zama farin fili, da sauran aiki.

Wanda ya fi ɓata wa mutane rana shi ne juyi sau biyu. Idan aikin yana kan DaVinci YRGB Color Managed, manhajar kan yi juyin da kanta. Ka ƙara naka a kai, launi ya rikice, hasken ma ya tashi daga inda yake. Cire ɗaya.

Biki na gaba kuma, ka roƙi masu iPhone tun da wuri su shiga Settings > Camera > Record Video su kashe HDR Video.