Wa zai yi? Kurakuran da aka fi yi wajen gyara sakin layin manufar gwamnati

Ga sakin layi irin wanda ke cika takardun manufofi. Na ƙirƙire shi ne don misali, amma duk wanda ya saba karanta takardun ofis zai gane kamanninsa:

"Za a gudanar da aikin tantance dukkan makarantu masu zaman kansu kafin bayar da lasisi. Gabatar da takardar nema zai kasance ne cikin kwana 30, bayan haka kuma za a yi duba na gine-gine domin tabbatar da cika sharuɗɗa. Idan aka samu rashin bin ƙa'ida, za a ɗauki matakin da ya dace, kuma ana iya neman sake dubawa."

Babu kuskuren nahawu ko ɗaya a ciki. Amma ka ɗauka kai ne mai makarantar, ka karanta kana neman sanin abin da za ka yi gobe da safe. Wa zai tantance? Wa zai gabatar da takarda, kuma wa zai kai wa? Kwana 30 ɗin daga yaushe za su fara? Wa zai ɗauki mataki, kuma wane mataki? Jimloli uku ne, babu mutum ko ofis ko guda a cikinsu. Abubuwa biyu ne suka ɓoye su. Na farko shi ne "za a", "aka" da "ana", waɗanda ke ba marubuci damar faɗin aiki ba tare da ambaton mai yinsa ba, kuma sun fito sau biyar. Na biyu shi ne mayar da aikatau ya zama suna, kamar "gabatar da takarda zai kasance", "duba na gine-gine" da "rashin bin ƙa'ida". Da zarar aiki ya koma suna, ba ya buƙatar mai yi, ba ya nuna lokaci, ba ya kuma nuna ko tilas ne ko zaɓi.

Mafi yawan masu gyara sun san wannan. Inda suke tuntuɓe shi ne wajen gyaran kansa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bi sakin layin a cire kowane "za a", a sa "gwamnati za ta" a gurbinsa. Sai ka ga "gwamnati za ta tantance, gwamnati za ta duba, gwamnati za ta ɗauki mataki". A ido jimlar ta samu mai aiki, amma kitso aka yi da kwarkwata, domin mai makarantar har yanzu bai san ƙofar da zai buga ba. Gwamnati ba ta zuwa duba ɗakin karatu, wani jami'i ne daga wani sashe yake zuwa. Haka nan "hukumomin da abin ya shafa" da "masu ruwa da tsaki", duk "za a" ne cikin doguwar riga. Gwajin da nake ba da shawara a yi mai sauƙi ne: idan aikin bai yiwu ba, shin sunan da ka rubuta ya isa mutum ya rubuta masa wasiƙar ƙorafi? Idan bai isa ba, sauka ƙasa har ka kai ga ofis ko muƙamin da ke riƙe da aikin, wato "sashen kula da ingancin ilimi" ko "daraktan sashen". Muƙami ake rubutawa, ba sunan mutum ba, saboda mutum yana barin aiki muƙamin yana nan.

Daga nan sai kuskuren da ya fi wancan haɗari, wato mai gyara ya yi hasashen mai aikin. Ya ga "za a ɗauki mataki", ya ce ai lallai darakta ne, ya rubuta. Wannan ya wuce gyaran harshe, ya zama rubuta sabuwar manufa. Ta yiwu dokar da ta kafa ma'aikatar ta ba wani ofis daban ikon hana lasisi, kuma takardar manufa ba ta da hurumin ɗauke wannan iko ta miƙa wa wani. Don haka kafin ka taɓa jimla ko ɗaya, ɗauki takarda ka jera ayyukan da ke cikin sakin layin: nema, duba gini, yanke hukunci, ba da lasisi, sanar da wanda aka hana, sauraron ƙara. A gaban kowanne ka bar gurabe uku, na mai yi, na wanda za a yi wa, da na lokaci. Cike abin da takardar kanta ta faɗa a wani wuri, ko abin da doka ta faɗa. Guraben da suka rage ka mayar wa waɗanda suka tsara manufar a matsayin tambayoyi.

A nan ne ake gano wani abu da ya kamata kowane mai gyara ya shirya masa. Sau da yawa amsar ba ta nan, domin ba a taɓa yanke shawarar ba. Sassa biyu sun ja daga a kan wanda zai yi duban gini, aka kasa daidaitawa, sai aka rubuta "za a yi duba" kowa ya sa hannu. Wannan ya dame ni ƙwarai, saboda rigimar ba ta mutu ba, an tura ta ne kan mai makaranta, wanda zai yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi biyu kowanne yana cewa ba aikinsa ba ne. Idan ka ci karo da irin wannan, kada ka lulluɓe shi da kyakkyawar jimla. Nuna wa masu manufar giɓin a fili su cike shi.

Akwai kuma waɗanda suke samo mai aikin daidai, amma su bar aikatau a ɗaure. Sai su rubuta "jami'ai za su gudanar da aikin duba gine-gine", ko "darakta zai aiwatar da bayar da lasisi". Kalmomin "gudanar da", "aiwatar da", "yin aikin" da "kasance" a irin wannan wuri ba su ɗauke da komai, ainihin aikin yana cikin sunan da ke bin su. Kwance shi ya tsaya da ƙafarsa: "jami'ai za su duba gine-gine", "darakta zai ba da lasisi". "Tabbatar da" ta fi su wayo, domin tana kama da alkawari mai ƙarfi alhali ba ta faɗin yadda za a yi. A misalinmu "domin tabbatar da cika sharuɗɗa" tana ɓoye sharaɗi ne mai rassa biyu: idan makaranta ta cika, ga abin da zai faru, idan ba ta cika ba, ga abin da zai faru. Haka "rashin bin ƙa'ida" yake komawa "idan makarantar ba ta bi ƙa'ida ba", nan take kuma tambaya ta taso, wace ƙa'idar?

Wajen kwance sunayen nan ne ake yin wani kuskure da ba a cika lura da shi ba, wato sauya nauyin magana. "Gabatar da takarda zai kasance cikin kwana 30" bai faɗi ko wajibi ne ba. Idan ka mayar da shi "mai makaranta zai gabatar", ka ba da labarin abin da zai faru ne kawai. Idan ka ce "dole ne mai makaranta ya gabatar", ka ɗora masa wajibi. Idan ka ce "yana iya gabatarwa", ka ba shi zaɓi. Ma'ana uku ce daban, kuma ranar da aka samu saɓani a kan wannan bambancin za a tsaya. Zaɓi kalma ɗaya ta wajibi, ɗaya ta izini, ɗaya ta hani, ka riƙe su daga farkon takarda zuwa ƙarshe. Kada ka ce "dole" a nan, "ya kamata" a can don gudun maimaici, domin mai karatu zai ɗauka na biyun shawara ce.

To, mu ɗauka an amsa tambayoyin duka. Ga yadda sakin layin zai koma:

"Dole ne mai makaranta ya nemi lasisi daga sashen kula da ingancin ilimi cikin kwana 30 daga ranar da ya yi wa makarantar rajista. Jami'an sashen za su duba gine-ginen makarantar cikin kwana 21 daga ranar da takardar ta isa ofishinsu. Idan makarantar ta cika sharuɗɗan da ke jadawali na 2, daraktan sashen zai ba ta lasisi. Idan ba ta cika ba, daraktan zai rubuta wa mai makarantar, ya faɗa masa sharuɗɗan da suka rage, ya kuma ba shi kwana 60 ya gyara. Mai makarantar da bai yarda da hukuncin ba yana iya kai ƙara wurin babban sakatare cikin kwana 14 daga ranar da ya karɓi wasiƙar."

Lura da cewa ya fi na farko tsawo. Wasu suna ɗauka gyara yana nufin rage kalmomi, sai su firgita su koma su datse. Tsawon nan bayani ne da a da babu shi: kwana 21, kwana 60, kwana 14, jadawali na 2, babban sakatare. Babu ɗaya daga cikinsu da mai gyara ya isa ya ƙirƙira, duk amsoshi ne da suka fito daga masu manufar. Lura kuma da cewa kusan kowane wa'adi ya samu ranar farawa, kuma jimlolin sun jeru yadda ayyukan za su faru, nema kafin duba, duba kafin hukunci. Na farkon ya soma da tantancewa da lasisi, sannan ya koma baya ga takardar nema.

Saura masu wuce gona da iri, waɗanda ke farautar kowane "an" da kowane suna. Ba duka ne laifi ba. "Idan aka lalata takardar lasisi" daidai ne, domin ba a san mai lalatawar ba, kuma ko wane ne hukuncin ɗaya ne. "An haramta shan taba a harabar makaranta" ma ya isa, tunda hanin ya hau kan kowa, sai dai jimlar da ke biye ta faɗi wanda zai hukunta mai karya shi. Sunaye irin su "rajista", "lasisi" da "takardar nema" sunayen abubuwa ne da manufar ta riga ta fayyace, kuma idan ka warware su a wuri ɗaya ka bar su a wani, mai karatu zai zaci abubuwa biyu ake nufi. Inda "za a" ba ta da wurin zama shi ne duk jimlar da ke ɗora wajibi, ko ba da iko, ko yanke hukunci, ko sa wa'adi.

Idan ka gama, ba wa wanda bai san manufar ba sakin layin, ka ce ya ɗauka shi ne mai makarantar. Tambaye shi abin da zai fara yi, ofishin da zai je, ranar da wa'adinsa zai cika, da wanda zai kai wa ƙara idan an hana shi. Sannan ka maimaita da wani a matsayin jami'in sashen. Duk tambayar da ɗayansu ya kasa amsawa daga rubutun kaɗai, koma ga jimlar da ta kamata ta amsa ta, ka duba ko mai aikin ne ya ɓace, ko lokacin, ko kalmar wajibi.